Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Dalilin da Ya Sa W da Y Suke Cikin Baƙaƙe

Ka ce "wata". Sake faɗa, amma a wannan karon kada ka yi saurin barin sautin farko. Riƙe shi, ka ja shi kamar mai kiran wani daga nesa. Abin da zai fito daga bakinka shi ne "uuu-ata". Yi haka da "yaro", za ka ji "iii-aro". Da zarar ka tsayar da w sai ta rikiɗe ta koma u, y kuma ta koma i. Amma ko'ina aka koyar da Hausa, daga firamare har jami'a, wasula su ne a, e, i, o, u, ita kuwa w da 'yar'uwarta y suna can cikin jerin baƙaƙe tare da b da k da t.

Duk malamin Hausa da ya daɗe a aji ya taɓa cin karo da ɗalibin da ya lura da wannan, ya ɗaga hannu ya ce: "Malam, in dai w da u abu ɗaya ne a baki, me ya sa aka raba musu gida?" Tambaya ce mai kyau ƙwarai, kuma bai kamata a sallame ta da cewa haka aka tarar a littafi ba. Amsarta tana cikin Hausar da muke yi kullum, a jam'in sunaye, a ninkin aikatau, har ma a gaisuwar da muke yi wa manya.

Abin da baki yake yi

Mu fara da gaskiyar ɗalibin. Idan za a furta baƙi irin su b ko t, iskar da ta taso daga huhu takan tarar da ƙofa a rufe: leɓɓa sun haɗe, ko tsinin harshe ya manne da hanƙa, sannan a saki. Idan s ce ko z, ƙofar ba ta rufe gaba ɗaya, amma takan matse har iska ta riƙa fita da zuza. Wasali kuwa ba shi da wannan tarnaƙi. Baki a buɗe yake, iska tana wucewa salin-alin, tantanin maƙwallato yana kaɗawa, siffar harshe da ta leɓɓa ce kawai take bambanta a da i da u.

To w da y fa? Wajen furta y, gaban harshe yakan ɗaga ya doshi ganɗa, daidai inda yake zuwa wajen furta i. Wajen furta w, leɓɓa sukan kewaye, doron harshe kuma ya ɗaga ya doshi hanɗa, daidai yadda ake yi wa u. Babu toshewa, babu zuza. Saboda haka ne masana Hausa suka raɗa musu suna "kinin wasali", wato mai kama da wasali, wasu kuma su ce "kusantau", domin gaɓoɓin furucin kusantar juna kawai suke yi ba sa haɗuwa. Ɗalibin da ya karanta littattafan Farfesa Mu'azu Sani Zariya a kan tsarin sautin Hausa ya san waɗannan kalmomi.

Bambanci ɗaya ne kunne yake iya kamawa. Wasali yana zama, ana iya jan sa gwargwadon numfashi. Kinin wasali kuwa ba ya zama. Harshe yakan taɓo wurin ne kawai ya zarce zuwa wasalin da ke biye. Motsin zamewar nan shi ne w, shi ne y. Shi ya sa da ka hana harshe zarcewa sai sautin ya ɓace, wasali ya maye gurbinsa.

Matsalar ba ta Hausa kaɗai ba ce. Masana nahawun Sanskirit na tsohuwar Indiya sun ware wa irin waɗannan sautuka rukuni da suka kira da sunan da ke nufin "masu tsayawa a tsakani". Romawa kuwa da harafi ɗaya suke rubuta u da w, da harafi ɗaya kuma suke rubuta i da y. A 1943 masanin furuci ɗan Amurka Kenneth Pike ya nuna inda ruɗanin yake: tambayoyi biyu ne aka cakuɗa. Ta farko, yaya ake yin sautin a baki? Ta biyu, wane aiki sautin yake yi a cikin gaɓar kalma? A tambaya ta farko w da y dangin wasali ne. A ta biyu kuwa baƙaƙe ne, kuma da ta biyun harshe yake yanke hukunci.

Kujera biyu a cikin gaɓa

Kowace gaɓar kalma tana da cibiya, wato sautin da ya fi amo, wanda murya take sauka a kansa. Tana kuma da gefe, inda sautukan da suke buɗe ta ko rufe ta suke zama. Wasali shi ne mai zama a cibiya, baƙi shi ne mai zama a gefe. Gaɓar Hausa iri uku ce: baƙi da gajeren wasali, kamar "ci"; baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, kamar "sha" da "kai"; sai baƙi da wasali da baƙi, kamar "nan". A dukkan ukun, baƙi ne a gaba. Babu gaɓar Hausa da take farawa da wasali.

Mai karatu zai ce, ina ka bar "ido" da "uwa" da "aiki"? Ɗora yatsa a maƙogwaro ka faɗe su a hankali. Kafin wasalin ya fito akwai 'yar toshewa a maƙwallato, irin wadda ake ji a tsakiyar "sa'a" ko "jama'a". Hamza ce, baƙi ce cikakkiya, ƙa'idar rubutun boko ce kawai ta ce kada a rubuta ta a farkon kalma. Ke nan wasalin Hausa ba ya fita shi kaɗai, sai da baƙi a gabansa.

Yanzu gwada "wuta" da "yini". Babu hamza a farkonsu. Ba a bukatar ta, domin kujerar baƙi ba a wofi take ba: w da y suna kai. Kwatanta "i" ta amsawa da "yi" ta aikatawa, ko "ita" da "yi ta". Da a ce y wasalin i ce kawai, da "yi" ta zama i biyu a jere, doguwar i ke nan, kuma da sai an sa mata hamza a gaba. Amma Bahaushe ba ya rikita "ita magana" da "yi ta magana". A ta farko hamza ce ta buɗe gaɓar, a ta biyu y ce. Abin da ya iya karɓar aikin hamza, ya hana ta zuwa, baƙi ne irinta.

Ga gwaji na biyu wanda ko yaro zai iya yi. Tafa hannu sau ɗaya a kan kowace gaɓa: "wa-wa", tafi biyu, "ya-wo", tafi biyu, "ta-fi-ya", tafi uku. Da w wasali ce, da "wawa" ta zama u-a-u-a, tafi huɗu. Kowane wasali yana kawo gaɓa, w da y ba sa ƙara ko ɗaya. Karin sauti ma haka. "Wuya" ta jiki tana farawa da karin sama ta sauka ƙasa, "wuya" ta wahala tana farawa da karin ƙasa ta hau sama. A duka biyun, u da a ne suke ɗauke da karin. W da y na farkon gaɓa ba su da nasu.

Akwai kuma wani aiki da Hausa take ba su wanda ke nuna matsayinsu a fili. Tun da ba ta yarda wasula biyu na gaɓoɓi daban-daban su yi karo ba, idan ta aro kalmar da take da irin wannan karo sai ta sa shinge a tsakani. Haka muka sami y a "rediyo" da "bidiyo" da "Indiya", muka sami w a "fulawa". Bayan i, y ce take shiga. Bayan u, w ce, kamar yadda muke gani a "tafiya" da "haihuwa". Ba a raba wasula biyu da wasali na uku. Abin da aka ɗauko ya yi shinge, dole baƙi ne.

Shaidar nahawu

Hujja mafi ƙarfi ita ce yadda ƙa'idojin ginin kalma suke ɗaukar waɗannan sautuka, domin ƙa'idojin nan ba a makaranta muka koye su ba, da su muka tashi.

Dubi jam'in da yake maimaita baƙin ƙarshe na kalma. Taga, tagogi. Ƙofa, ƙofofi. Ƙa'idar ita ce a cire wasalin ƙarshe, a sa o, a maimaita baƙin ƙarshe, a rufe da i. To hanya fa? Hanyoyi. Tambaya, tambayoyi. Tatsuniya, tatsuniyoyi. Ƙa'idar ta je neman baƙin ƙarshe, ta tarar da y, ta ɗauke ta ba tare da wani jinkiri ba. Da y wasali ce, da ƙa'idar ta tsallake ta ta kama n a "hanya", mu riƙa cewa "hanoni", abin da babu Bahaushen da ya taɓa faɗa.

Dubi kuma ninkin aikatau, wanda ke nuna an yi abu da yawa ko sau da yawa. Kama, kakkama. Buga, bubbuga. An kwafi farkon kalma, an ninka baƙin farko. Wanke, wawwanke. Yanka, yayyanka. Ita kuwa "aika" takan zama "a'aika", inda hamzar da ba a rubutawa ta fito fili aka ƙarfafa ta. Wannan ya raba gardama: kalmar da ake zaton da wasali ta fara, hamzarta ake ninkawa, kalmar da ta fara da w ko y, su ɗin ake ninkawa. Haka abin yake a sifar da ake ginawa daga aikatau: dafa, dafaffe; saya, sayayye; soya, soyayye. Gurbin da f ta cika a "dafaffe" shi y ta cika a "soyayye".

Shaida ta uku ita ce ganɗantawa. Akwai baƙaƙen Hausa da sukan canza idan i ko e ta biyo su a ginin kalma: t ta koma c, mota, motoci, s ta koma sh, ƙasa, ƙasashe, d da z su koma j, gida, gidaje, kaza, kaji. A cikin wannan ayari har da w, wadda takan koma y: bawa, bayi, ɓarawo, ɓarayi, kasuwa, kasuwoyi. Ba a ce w ba ta taɓa zuwa gaban i ba, ga "wiwi" nan, amma a irin waɗannan jam'o'i tana bin sahun t da s da d sau da ƙafa. Harshe ya sa ta a layi ɗaya da baƙaƙe, ya yi mata hukuncinsu.

Wanda ya yi karatun allo ya riga ya san rabin wannan bayani ta wata ƙofa. A Larabci da ajami, wau da ya aiki biyu suke yi. Idan suka ɗauki wasali, baƙaƙe ne kamar sauran. Idan wau ta zo ba wasali bayan rufu'a, ko ya ta zo haka bayan wasalin ƙasa, sai su zama haruffan madda, su ja wasalin da ya gabace su. Harafi ɗaya, matsayi biyu, kuma wurin zama ne yake bambantawa. Shadda, wadda alamar ninkin baƙi ce, tana hawa kansu, kamar a "niyya" da muka aro. Malaman tajwidi kuma sun lissafa su cikin haruffan da nunun da aka ɗaure take narkewa a cikinsu.

Inda iyakar take da duhu

Duk abin da aka faɗa zuwa yanzu a kan farkon gaɓa ne, kuma a nan babu jayayya. A ƙarshen gaɓa ne magana take da sauran zare. Sautin da ke ƙarshen "kai" da "rai", i ce ko y? Wanda ke ƙarshen "yau" da "kyau", u ce ko w? A baki babu bambanci. Shi ya sa mutum ɗaya zai rubuta sunansa Auwal, wani ya rubuta Awwal, wata Hauwa, wata Hawwa, kuma duk kira ɗaya suke amsawa.

Masana sun rabu biyu a kan wannan. Wasu sun ɗauki ai da au a matsayin wasali da baƙi, wato ay da aw. Wasu kuma, ciki har da Paul Newman da Bello Ahmad Salim a wata maƙala da suka buga a 1981, sun ɗauke su tagwayen wasula ne, cibiya ɗaya mai kai biyu. Ƙa'idar rubutun Hausa ta yau ai da au take rubutawa.

Mu bi kalma ɗaya mu ga yadda kowane ɓangare yake samun hujjarsa. Ɗauki "rai". Gaɓa ɗaya ce, tafi ɗaya. Ƙara mata wasali a baya, sai ka sami "rayu", ra-yu, da "rayuwa", ra-yu-wa. Sautin da yake maƙale a jikin a ya bar cibiya, ya koma farkon gaɓa ta biyu, ya zama y sosai. Gina sifa daga nan, sai ka sami "rayayye", ra-yay-ye, an maimaita shi an kuma ninka shi kamar kowane baƙi. Har nan, masu cewa ay suna da abin faɗa. Amma ƙara wa "rai" ɗafin -n na mallaka, sai ka ji "ransa", "ranta". Sautin ya faɗi gaba ɗaya. Haka "kai" take zama "kansa", "mai" ta zama "man gyaɗa". Masu cewa tagwan wasali sukan kwatanta wannan da abin da yake samun dogon wasali: a ta ƙarshen "gida" doguwa ce, amma a "gidansa" ta gajarce, domin gaɓar da baƙi ya rufe ba ta ɗaukar doguwar cibiya. Ai ta rage tsawo kamar yadda dogon wasali yake ragewa, ke nan halinsu ɗaya.

Irin wannan kai-da-kawo yana ko'ina. Aiki, ayyuka. Kyau, kyawawa. Sayar da, sai da. Kawar da, kau da. Mafi ban sha'awa ita ce "hau": a "hau" u ce, a "hawa" da "hawo" w ce, a "haye" kuma ta zama y saboda e ta biyo ta. Saiwa ɗaya, fuska uku. Abin da waɗannan misalai suke koyarwa ya fi sanin wanda ya yi nasara a muhawarar amfani: sautin bai canza asalinsa ba, kujera ya canza, sunansa kuma ya bi kujerar.

Kada a rikita su da waɗannan

Akwai w da y da muke rubutawa waɗanda ba kinin wasali masu zaman kansu ba ne. A "kwana" da "gwani" da "ƙwai", a "kyauta" da "gyara" da "ƙyama", haruffa biyu ne suke wakiltar baƙi ɗaya. Kw, k ce da aka furta da kewayayyun leɓɓa. Ky, k ce da aka furta harshe yana doshin ganɗa. Tun da gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙi biyu, "kwa-na" baƙi ɗaya ne da wasali, sannan wani baƙin da wasali. Ninki ma ya tabbatar: gyara, gyaggyara, kyau, kyakkyawa. Gy da ky a dunƙule suke tafiya.

Sai kuma 'y ta "'ya'ya" da "'yanci", wadda a Nijar ake rubutawa da y mai lanƙwasa, ƴ. Y ce da aka haɗa da matsewar maƙwallato, kuma baƙi ce daban: "yaya" da "'ya'ya" ba abu ɗaya ba ne. Asalinta daga ɗiy- ne, shi ya sa Basakkwace yake cewa "ɗiya" inda Bakano yake cewa "'ya".

Sanin wannan yana maganin kurakuran rubutu da ake yawan gani a takardun ɗalibai da allunan shaguna: "tafia" maimakon tafiya, "hania" maimakon hanya, "kuana" maimakon kwana, "kiau" maimakon kyau. Hanyar ganewa ita ce tafin nan. Faɗi kalmar, ƙirga gaɓoɓinta, ka tabbata kowace gaɓa da baƙi ta fara. "Han-ya" tafi biyu ce, saboda haka babu wurin i a tsakiya, y ce ta buɗe gaɓa ta biyu. "Ta-fi-ya" tafi uku ce, gaɓa ta uku kuma tana bukatar mai buɗe ta. "Kyau" tafi ɗaya ce, ke nan babu i bayan k. Inda ka ga wasula biyu a jere waɗanda ba ai ba ne ba kuma au ba, to ka tsaya ka duba, yawanci ko dai an manta da w ko y, ko an manta da hamza.

Ɗalibin da ya ɗaga hannu bai yi kuskure ba. Kunnensa ya ji daidai: w ƙanwar u ce, y ƙanwar i ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Abin da ya rage ya gane shi ne, harshe ba ya tambayar sauti daga wane gida ya fito, yana duba inda ya zauna ne da aikin da yake yi. Gobe idan ya durƙusa gaban dattijo ya ce "ranka ya daɗe", ya riga ya yi aiki da darasin duka a numfashi ɗaya: ya jefar da i ta "rai" saboda gaɓar ta cika, sannan ya buɗe gaɓa ta gaba da y, ba tare da ya nemi hamza ba.